Tukuna da Hotunan Safiya

Mijin yayata lauyan soja ne, kuma a duk rundunarmu babu mai kiransa da sunansa na yanka. Tukuna ake ce masa. Kanar da kansa ya laƙaba masa, domin da wuya a zauna tsara wani hari a tashi bai ɗaga ɗan yatsa ya ce "tukuna, yallaɓai" ba. Har yayata ta ɗauka, idan ya miƙa hannu zai ɗauki nama kafin a gama zuba abinci sai ta buge hannun ta ce, "Tukuna dai, Tukuna."

Ni ƙanin matarsa ne. A gida yana ce mini Auta, ina ce masa Yaya. A wurin aiki shi Manjo ne, ni Kyaftin, sai in ƙame in sara masa kamar ban taɓa ganinsa da ɗan gajeren wando yana wanke wa 'yarsa takalmin makaranta ba. Aikina manyan bindigogi ne, waɗanda ke harba abu daga nesa inda mai harbin ba ya ma ganin wurin da zai faɗa. Ni ne ke zaune a ɗakin tsara yaƙi da rediyon oba-oba a hannu, idan Kanar ya ba da izini sai in isar wa yarana. Ka ga kuwa duk abin da Tukuna ya tsayar, a bakina yake tsayawa.

Idan ka gan shi ba za ka ce soja ba ne. Gajere ne, mai ɗan tumbi, hularsa kullum a karkace, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mahaifinsa kafinta ne, kuma shi malamin firamare ne kafin ya karanta lauya. Da wannan albashin na koyarwa ya auri yayata, lokacin tana ɗinki a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya. Ya yi karatun lauya yana da 'ya'ya biyu, yana haddace darasi yayata na taka keken ɗinki a kansa. Da ya shiga soja mahaifiyarmu ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan da ko kaza ba ya iya yankawa? Gaskiyarta ce, har yau ba ya iyawa.

Amma koyarwar ba ta sake shi ba. Duk sabbin kuratan da aka kawo sai an tara masa su a inuwa ya yi musu darasin dokar yaƙi, kuma kamar 'yan aji uku yake ɗaukarsu. Na sha zama a baya ina saurare, wani lokaci don in samu abin tsokanarsa a gida.

"Abu biyu nake so ku riƙe," haka yake farawa. "Na farko, bambancewa. Wanda ke yaƙi daban, wanda ba ya yaƙi daban. Ga mai gidan burodi a garin abokan gaba, sojojinsu na sayen burodinsa kullum. Kai, mai dogon wuya, za ka harbe shi?"

"Ai yana ciyar da su, yallaɓai."

"Uwarka ma tana aiko maka da abinci, sai a je a harbe ta?"

Sai wuri ya kaure da dariya. Ya bari su gama, sannan ya ce mai burodi farar hula ne, ko da kuwa a ransa yana yi wa abokan gaba fatan nasara. Amma ranar da ya ɗauki bindiga ya hau rufin gidan burodin yana harbi, to muddin yana cikin wannan aikin ya zubar da kariyarsa. Haka gini ma. Makaranta makaranta ce, ba a taɓa ta. Idan an kori ɗalibai an girke bindiga a tsakar filinta ana harbinku, ta koma wurin soja. "Idan kuma ka duba ka rasa ganewa, mutumin nan mayaƙi ne ko manomi ne, to manomi ne har sai ka tabbatar. Shakka ba izini ba ce."

Na biyun shi ne wanda ya fi ba mutane wuya, daidaito. Yakan ce ka tabbatar abin da za ka kai wa hari na soja ne, da kyau, amma ba ka gama ba. Sai ka duba su wa ke kusa da shi. Ka auna ɓarnar da kake sa ran za ta shafi farar hula, rayukansu da jikinsu da dukiyarsu, ka ajiye ta gefen ribar yaƙi ta zahiri da kake sa ran samu kai tsaye. Idan ɓarnar ta yi wa ribar yawa fiye da kima, ba a kai harin a haka. Misalinsa kullum: ɗan bindiga guda a saman bene, benen cike da iyalai. Ɗan bindigar halal ne a gare ka, rushe benen a kan mutane don shi kaɗai haram ne. Ga kuma babban rumbun makamai a bayan gari, da bukkar mai gadi a gefe. Ka yi iya ƙoƙarinka ka kauce wa mai gadin, ka zaɓi lokaci da makamin da ya fi sauƙin ɓarna, amma doka ba ta ce sai ka bar rumbun har abada ba.

Wani kofur ya taɓa tambayarsa ko mutum nawa ne daidai da rumbu ɗaya. Ya cire tabarau ya goge. "Da akwai wannan lissafin da ba a ɗauke ni aiki ba, ɗan kanti ma ya isa. Kuma kar ku ɗauka ramuwa ake nufi, wai sun kashe mana kaza mu kashe musu kaza. Babu ruwan daidaito da wannan."

Abin da ke ba ni haushi da mutane shi ne yadda suke mantawa da yawan lokutan da ya ce a buga. Wallahi sun fi waɗanda ya ce a dakata yawa nesa ba kusa ba. Gada, motar yaƙi, hasumiyar rediyonsu, duk ya duba ya ce babu matsala. Amma ɗan Adam, ranar da ka hana shi ita kaɗai yake riƙewa. Kuma shi bai taɓa hana kowa ba ma, shawara yake bayarwa. Mai yanke hukunci Kanar ne, Tukuna da kansa yake tunatar da shi hakan, wani lokaci har ya ba shi haushi.

To, a shekarar da nake son ba ku labarinta, muna girke a bakin wani kogi, abokan gaba na riƙe da garin da ke tsallake. Muna da sansani a bakin gada, kuma kusan kullum sai an yi masa ruwan rokoki. Yaranmu sun gaji, barci ya gagare su, muna ta kwasar masu rauni. Ɗakin tsara yaƙinmu wani tsohon ofishin noma ne, fanka ɗaya mai kukan tsiya, taswira a manne da bango, tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tallafe da bulo, sai babban allon talabijin da ke nuna abin da jirgi marar matuƙi ke gani.

Jami'ar leƙen asirinmu, wata Laftanar mai kaifin ƙwaƙwalwa da ba ta da yawan magana, ita ta gano inda rokokin ke fitowa. Wani tsohon sito ne na taki a gefen garin, dogon gini mai rufin kwano. Tsakaninsa da gidajen mutane akwai filin ƙwallo da wani fegi da ba a gina ba. Ta yi kwanaki tana kallonsa ta jirgi, ta ga masu bindiga na shiga da fita da dogayen akwatuna. Farar hula kuwa babu, in ban da wani tsoho mai gadin gonar da ke maƙwabtaka, shi ma da hantsi yake tafiyarsa. A jikin bangon gabas akwai tankin ruwa a kan ƙarafa da 'yan famfuna a ƙasa, amma ba a taɓa ganin kowa a wurin ba, sai aka rubuta cewa ya mutu.

Sai ga labari daga wani mutum namu da ke cikin garin: rana kaza da la'asar babbar mota za ta zo ɗaukar rokoki, kuma masu harba su za su zo tare da ita. Kai! Ranar kowa a ɗakin nan bakinsa har kunne. Sito, mota, da mutanen da suka hana mu sakat, duk a wuri ɗaya. Kanar ya ce bindigogina za su yi aikin, tunda wurin fili ne. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, domin akwai yaran da na sani a bakin gadar nan.

Tukuna yana gefe da hotunan da Laftanar ta buga, yana shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanya. Ya daɗe a kansu. Na san wannan tsayuwar tasa, na ce a raina shi ke nan, ga ta nan tafe.

"Tukuna, yallaɓai."

Kanar ya rufe ido. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, ba azzalumi ba ne ko kaɗan, amma ya binne yara da yawa a watan nan. "Ina jinka, Manjo. Sito ne na makamai ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, yallaɓai. Wannan ba ni da ja a kai, halal ne a kai masa hari. Inuwar ce ta dame ni."

"Wace inuwa kuma?"

"Duba, a duk hotunan nan inuwar ginin yamma ta faɗi. Babu ko ɗaya da ta faɗi gabas. Laftanar, da wane lokaci ake ɗaukar su?"

Na ga fuskarta ta canza tun kafin ta amsa. "Da safe, yallaɓai. Dukkansu. Jirgin namu ne daga fitowar rana zuwa azahar, daga nan rundunar da ke kudu da mu ke karɓa."

Haka ne kuwa. Jirgi ɗaya muke rabawa da maƙwabtanmu, kuma mun saba da rabon har mun daina ganinsa. Idan aka ce "an kalli wuri kwana da kwanaki", kowa sai ya ji kamar an kalle shi dare da rana. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci da gangan. Dukkanmu a ɗakin mun kalli hotunan nan, har da ni.

Tukuna ya ce, "Mun san wurin nan da safe kamar tafin hannunmu. Da la'asar za mu buga, kuma ba mu taɓa ganinsa da la'asar ba. Ban ce akwai kowa ba, yallaɓai. Na ce ban sani ba, kuma muna da hanyar sani. Shawarata kar a harba sai ido na kan wurin."

Wani Manjo mai kula da tsare-tsare ya yi tsaki ya ce fili ne fa, wa zai je ya zauna a gindin siton makamai? Tukuna ya ce shi ma fatansa ke nan. Kanar ya ɗauki waya ya kira takwaransa na kudu. Na ji yadda ya sauke murya yana roƙo, abin da ba halinsa ba ne. Su ma can suna cikin nasu tashin hankalin, suka ce ba za su iya sakin jirgin ba sai a ranar harin, shi ma na ɗan lokaci, dab da zuwan motar. Kanar ya ajiye waya ya kalli surukina. "Ka samu idonka. Idan na ga fili, zan buga, kuma ba na son jin tukuna."

"Idan fili ne ni zan fara ce maka bismilla, yallaɓai."

A wajen cin abinci na same shi shi kaɗai, domin mutane sun ɗan ja jiki daga teburinsa. Na ce, "Yaya, kai dai ba ka gajiya da baƙin jini?" Ya ce in miƙo masa gishiri. Sannan ya ce, "Auta, bakinka ne zai faɗi kalmar fa, ba nawa ba. Ni takarda kawai nake sa wa hannu." Na ce to sannu da tausayi. Ya ce ba tausayi ba ne, tsoron yayata yake ji.

Ranar ta zo. Tun azahar yarana suka gyara bindigogi, aka auna nisa, aka ɗura harsasai, aka tsaya jiran kalma ɗaya daga bakina. Zafi ake yi kamar me, fankar nan na ta kukanta. Allon talabijin baƙi ƙirin, muna jiran mutanen kudu su sakar mana jirgi. Mutuminmu na cikin gari ya aiko cewa mota ta taso. Har yanzu allo baƙi. Manjon tsare-tsare sai kai da kawowa yake yana duba agogo, yana cewa za mu yi asarar damar da ba za ta dawo ba saboda inuwa. Rediyo na hannuna. Sajan ɗina ya kira daga wurin bindigogi ya ce a shirye suke. Na ce su tsaya.

Sai allon ya yi fari, ya yi rawa, hoto ya fito. Ga kogi, ga filin ƙwallo, ga rufin kwano yana ƙyalli. Ga babbar mota ta juya baya a ƙofar sito, mutane na loda akwatuna. Manjon tsare-tsare ya buga tebur ya ce, "Ga su nan!"

Laftanar ta ce da mai sarrafa jirgin ya matsa gabas kaɗan.

Inna lillahi. Inuwar ginin ta faɗi gabas, doguwa, mai faɗi, kuma cike take da mutane. Layi ne tun daga bakin famfunan nan da muka ce sun mutu, ya bi jikin bango, ya lanƙwasa har cikin fegin. Jarkoki, bokitai, baro, kura ta masu sayar da ruwa. Mata sun fi yawa, wasu da goyo. Yara na guje-guje a tsakanin jarkokin. Wata ta zauna a kan bokitinta ana yi mata kitso. Daga baya muka ji yadda abin yake: tun da yaƙi ya kashe ruwan garin, wannan tankin ne ya rage wa unguwar. Injinsa da hasken rana yake aiki, sai ya wuni yana tara ruwa, mai kula da shi ba ya buɗewa sai rana ta karkata.

Ni dai na san abin da harsasaina ke yi. Ba sa faɗawa a kan tabo ɗaya, warwatsuwa suke yi a kewaye, ga kuma rokokin da ke ciki da za su tashi su ma. Na kalli rediyon da ke hannuna, sai na ajiye shi a kan tebur a hankali na janye hannuna.

Manjon tsare-tsare ne ya fara magana, muryarsa ta sauka amma bai saki ba. "Yallaɓai, su suka ajiye makamai a inda mutane ke ɗiban ruwa. Laifinsu ne. Idan motar nan ta tafi, a kan yaranmu za a sauke kayan nan."

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma kowa ya san haka. Kanar ya juya. "Manjo Tukuna."

Surukina ya matso, hular nan a karkace. Babu wani ɗaga murya. "Laifinsu ne, yallaɓai, kuma doka ta hana su abin da suka yi. Amma laifinsu bai sauke mana namu nauyin ba, waɗancan matan ba su zama mayaƙa don an ajiye roka a bayansu ba. Siton halal ne har yanzu, motar ma haka, ribar kuma babba ce, ban rage mata komai ba. Sai dai duba abin da za a biya. Da waɗannan bindigogin, a wannan lokacin, kaɗan ne za su tashi daga layin nan. A ganina ya wuce kima nesa. Shawarata a dakatar. Siton ba ya tafiya ko'ina, gobe da safe yana nan, su kuma ba sa nan. Hukunci naka ne."

"Motar fa?"

"Idan ta fita fili ta rabu da mutane, taka ce."

Kanar ya tambayi Laftanar ko jirgin zai iya bin motar. Ta ce mutanen kudu sun riga sun fara kiran a mayar musu, kuma hanyar motar ta cikin unguwa ta bi. Ya tsaya yana kallon allon, hannayensa a baya. Wata yarinya a hoton ta ɗauki jarkar da ta fi ƙarfinta, ta yi taku kaɗan ta ajiye, ta sake ɗauka. Ban san ko ita yake kallo ba, ni dai ita nake kallo.

"Kyaftin," ya ce, bai juyo ba. "Ka ce wa yaranka su sauke."

Ban taɓa jin daɗin isar da umarni kamar wannan ba. Na ɗauki rediyo na ce a dakatar, a cire harsasai. Sajan ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi har Laftanar ta ɗago ta kalle ni.

Kar ku ɗauka an tashi ana tafa wa Tukuna. Motar ta tafi da kayanta da mutanenta, muna kallo har allon ya koma baƙi. Kafin magariba rokoki suka sauka a bakin gada. Wani direbanmu, mutumin kirki mai 'ya'ya, ƙarfe ya shige shi a cinya, har yau da sanda yake tafiya. Da aka kawo shi surukina ya je ya tsaya a bakin tantin likita. Wani sajan ya wuce ta gabansa ya tofar da yawu a gefe. Na yunƙura zan ci kwalarsa, Tukuna ya riƙe mini hannu ya ce in bar shi, abokinsa ne ke kwance a ciki. Ranar Tukuna bai ci abinci ba. Na ce masa ai ya yi daidai. Ya ce ya sani, amma sanin bai mayar wa mutumin nan da ƙafarsa ba.

Washegari da safe jirgi ya dawo hannunmu. Aka duba, babu kowa a bakin famfo, aka jira tsoho mai gadin gona ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kanar ya ce ba da bindigogina ba, ya nemi jirgin yaƙi da ƙaramin bam mai bin saiti, aka auna ƙarshen ginin na yamma, nesa da tankin. An yi maganar a gargaɗi mutanen unguwa, Tukuna ya ce tunda babu kowa a wurin kuma gargaɗin zai sa a kwashe makaman, wannan karon hali bai bayar ba. An san tankin na iya taɓuwa idan rokokin suka tashi, an sa shi a ma'auni, aka kuma ce injiniyoyi su tanadi wani. Kanar ya kalli Tukuna. Shi kuma ya ce, "Bismilla, yallaɓai."

Siton ya tashi da abin da ya rage a cikinsa, kuma ba kaɗan ba ne. Babu farar hula ko ɗaya da ya ji ciwo. Tankin dai wani ɓallin ƙarfe ya huda shi a ciki. Harbin bakin gada bai tsaya cak ba, amma ya ragu sosai, yara suka fara samun barci. Ni kuwa bindigogina ko tari ba su yi ba, har yau abokaina na tsokanata da wannan.

Yanzu Tukuna ya yi ritaya. Yana zaune a gida yana gyara wa jikoki aikin makaranta, yana rigima da yayata a kan wa ya ɓatar da almakashi. Wani lokaci ana gayyatarsa ya yi wa sababbin hafsoshi darasi, ya tafi da mai burodinsa da ɗan bindigarsa na saman bene. Ba ya ba da labarin siton, ya ce ba shi ya yanke hukunci ba, kuma Laftanar ce ta ce a matsa gabas. Ni ke bayarwa, kuma ba na barin abin da ya faru bayan mun shiga garin.

Makonni bayan harin abokan gaba suka janye, muka tsallaka gada. Da aka samu sarari na ce wa Tukuna ya zo mu je mu ga wurin. Da la'asar muka isa. Siton ya zama tarin kwano da baƙin bulo, amma bangon gabas na tsaye, inuwarsa na nan. Injiniyoyinmu ba su kawo sabon tanki ba tukuna, mutanen unguwa sun toshe hujin da roba da ƙyalle, ruwa na tsiyaya ta gefe. Layin ya fi na ranar tsawo. Ga ƙarar jarkoki, ga kukan jarirai, ga masu rigima a kan wa ya riga wa. Abin da na gani shiru a allo, yau ga shi da hayaniyarsa.

Muna tsaye kamar baƙi, sai wata dattijuwa mai bokiti biyu ta fito daga layi ta nufo mu. Ba ta ji tsoron kakinmu ba ko kaɗan. Ni ta wuce, ta tsaya a gaban Tukuna, wataƙila don ta ga shi ne babba.

"Ku ne kuka fasa mana tanki?"

"Mu ne, Baba," ya ce.

"To sannunku da aiki! Ka san tun yaushe nake tsaye a nan? Da can kafin rana ta faɗi na kai ruwa gida, yanzu rabinsa a ƙasa yake zuba. Ga jikoki na jirana, ga ƙafa na ciwo. Ku ba ku duba abu kafin ku jefa wutarku?"

Kai, jinina ya hau. Na buɗe baki zan gaya mata wanda take yi wa faɗa, da abin da ya sha a kanta, sai ya taka mini ƙafa da takalminsa. Ya cire hula ya ce, "Ki yi haƙuri, Baba, kina da gaskiya. Sabo na hanya, ni da kaina zan bi maganar."

"Haka kuke cewa kullum."

Ta ci gaba. Ta yi masa tas, ta haɗa da gwamnatinmu da ta waɗancan, ta haɗa da mai kula da famfo da surukarta da ba ta taya ta ɗiban ruwa. Matan layi na dariya suna ƙara mata. Shi kuwa yana tsaye da hula a hannu, yana gyaɗa kai, kuma na lura bakinsa na motsi kamar mai ƙoƙarin danne murmushi. Da ta gaji ta koma wurinta tana mita, ta tarar wata ta matsar mata da bokiti, sabuwar rigima ta tashi.

Muka koma mota. Na ce, "Yaya, ka ji irin wankin da aka yi maka kuwa, kana wani murmushi?"

Ya cire tabarau, na ga idonsa ya cika, ya goge da bayan hannu.

"Auta, ka ji ƙarfin muryarta?" ya ce. "Lafiyarta ƙalau."

Na kifa kaina a kan sitiyari, dariya da kuka suka zo mini tare, na kasa tada motar. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce mu tafi mu nemi injiniyoyin tankin nan kafin su tashi daga aiki.